Numfashin Farko da Juyawar Jini: Nazarin Hanyoyin Ratse Uku na Ɗan Tayi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda jini ke zagayawa a jikin ɗan tayi ta hanyoyin ratse guda uku, da abin da ke samun waɗannan hanyoyi a lokacin da jariri ya ja numfashinsa na farko. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, haihuwa ba ta toshe hanyoyin nan take. Matsin jini kawai take juyawa tsakanin ɓangaren dama da na hagu na zuciya, kuma wannan juyi yana iya komawa baya a cikin kwanakin farko. An kawo misalin jariri guda domin nuna yadda awon oksijin a hannun dama da ƙafa ke bayyana ko juyin ya tabbata.

1.0 Gabatarwa

Ɗan tayi yana da huhu tun watannin farko na ciki, amma ba ya shaƙar iska da shi. Huhun cike yake da ruwan da shi kansa yake samarwa. Iskar oksijin da ɗan tayi ke rayuwa da ita tana zuwa ne daga jinin uwa ta hanyar mabiyiya, wato naman da ke manne da bangon mahaifa, wanda ke biyo jariri bayan haihuwa. Saboda haka tsarin zagayawar jininsa yana fuskantar buƙatu biyu masu karo da juna. Dole ya kauce wa huhu tsawon wata tara, kuma dole ya kasance a shirye ya koma ga huhun cikin 'yan mintoci, ba tare da an sake gina zuciyar ba.

Kafin a shiga bayani, akwai batun suna. Kalmar "jijiya" a Hausa ta haɗa mai kai jini, da mai dawo da shi, da mai ɗaukar saƙon ji, har da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Haka kuma masu magana da yawa suna kiran mabiyiya da "mahaifa", sunan da ake kiran gidan ɗan tayi da shi. Domin kauce wa ruɗani, a nan "jijiya" na nufin hanyar jini kaɗai, "mahaifa" kuma gidan ɗan tayi. Zuciya tana da rami huɗu. Biyun sama, masu karɓar jini, za a kira su "zaure", domin sunansu na Latin ma asalinsa zauren gida yake nufi. Biyun ƙasa, masu tura jini, za a kira su "ɗaki". Sunayen da aka ba hanyoyin ratsen a nan na aiki ne, ba a ce sun riga sun zauna a bakin likitoci ba.

2.0 Tafiyar jini kafin haihuwa

A jikin babba, jini yana bin layi ɗaya. Wanda ya dawo daga jiki yana shiga zauren dama, ya sauka ɗakin dama, a tura shi huhu ya ɗauko oksijin. Daga huhu ya dawo zauren hagu, ya sauka ɗakin hagu, a tura shi cikin babbar jijiyar da ake kira ayota, wadda ke rarraba shi ga sassan jiki. Babu digon jinin da ke isa hagu bai bi ta huhu ba. Wannan ne abin da Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya fahimta lokacin da ya musanta cewa akwai ƙofofi a bangon da ke tsakanin ɗakunan zuciya biyu.

Ɗan tayi bai bi wannan layi ba. Igiyar cibiya tana ɗauke da jijiyoyi uku: ɗaya mai kawo jini daga mabiyiya, biyu masu mayar da shi. Jinin da ke cikin mai kawowa shi ne mafi kyau a jikin ɗan tayi, kuma duk da haka ƙoshinsa na oksijin kusan kashi 80 cikin ɗari ne kawai, alhali na babba mai lafiya ya haura 95. Ƙoshi a nan yana nufin yawan jan sinadarin jini, wato himogulobin, da ke ɗauke da oksijin. Tun da abin da ke akwai kaɗan ne, tambayar da tsarin ke amsawa ita ce: wa za a fara bai wa?

Hanyar ratse ta farko tana cikin hanta. Likitoci suna kiran ta daktus benosus, a nan kuma ratsen hanta. Wani ɓangare na jinin cibiya, kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a ɗan Adam, yana bi ta wannan siririyar hanya ya faɗa kai tsaye cikin babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki. Ƙuncin hanyar yana da amfani, domin yana sa jinin ya fito da gudu, ya riƙe gefensa a cikin babbar jijiyar ba tare da ya gauraya sosai da jinin ƙafafu da hanji ba. Duk wanda ya taɓa ganin mahaɗar koguna biyu masu launi daban ya san ruwa na iya tafiya kafaɗa da kafaɗa na wani nisa kafin ya haɗe.

Wannan gudun ne ke kai jinin ga hanya ta biyu, wato foramen obale, ko tagar zuciya. Taga ce a bangon da ke raba zauren dama da na hagu, kuma tana da ƙyaure na siririyar fata wanda ke buɗewa ta ɓangaren hagu kaɗai. Muddin matsin dama ya fi na hagu, ƙyauren a buɗe yake. Jini mai kyau yana ratsawa zuwa zauren hagu, ya sauka ɗakin hagu, ya shiga ayota. Rassan farko na ayota kuwa su ne masu ciyar da tsokar zuciya, da kai, da hannuwa. Ta haka ƙwaƙwalwa ke samun jini mai ƙoshin kusan kashi 65, yayin da ƙasan jiki ke samun wanda bai kai haka ba.

Saura jinin da ya dawo daga kai, wanda ya riga ya sauke oksijin ɗinsa. Shi yana sauka ɗakin dama, a tura shi cikin jijiyar huhu kamar yadda ake yi a jikin babba. Sai dai ƙananan jijiyoyin huhun ɗan tayi a tsuke suke, saboda ruwan da ke danne su da kuma ƙarancin oksijin, wanda ke sa tsokar bangonsu ta ɗame. Turjiyar huhu ta fi ta sauran jiki nesa, musamman da yake mabiyiya, mai faɗi da sauƙin ratsawa, tana haɗe da ɓangaren jiki. Jini kuwa inda ya fi sauƙi yake bi. Abin da ke shiga huhu bai wuce rubu'in duk abin da zuciya ke turawa ba, saura ya bi hanya ta uku.

Wannan hanya ita ce daktus ateriyosus, a nan gadar jijiyoyi. Gajeriyar jijiya ce mai kauri, faɗinta ya yi kusa da na ayota a ƙarshen ciki, kuma tana haɗa jijiyar huhu da ayota. Inda take haɗuwa da ayota shi ne abin da ya kamata a riƙe: a bayan rassan da ke zuwa kai da hannun dama, dab da reshen hannun hagu. Jinin gada, mai ƙarancin oksijin, ba ya zuwa ƙwaƙwalwa. Yana gangarawa ciki da ƙafafu, kuma babban kaso daga cikinsa yana komawa mabiyiya ta jijiyoyin cibiya biyu domin ya sake ɗauko oksijin.

Tun ƙarni na biyu Miladiyya Jalinus ya bayyana tagar da gadar, William Harvey kuma ya yi bayanin aikinsu a littafinsa na 1628. Amma ganin jinin yana bi ta cikinsu a jiki mai rai bai samu ba sai da Barclay da Franklin da Prichard suka ɗauki hotunan 'yan tayin tumaki a Oxford, suka wallafa sakamakon a 1944. Yawancin alƙaluman farko na wannan fanni daga tunkiya aka samo su, shi ya sa tsofaffin littattafai ke cewa rabin jinin cibiya yana bin ratsen hanta. Hakan gaskiya ne a tunkiya.

3.0 Abin da numfashin farko ke yi

Shirin yana farawa tun cikin naƙuda. Sinadaran da wahalar naƙuda ke tayarwa, musamman adirinalin, suna sa huhu ya daina samar da ruwa ya koma tsotse shi. Da jariri ya fito ya ji sanyin duniya da taɓawar hannu, sai ya ja numfashi da ƙarfin da ya ninka na numfashin yau da kullum sau da yawa. Iskar tana tura ragowar ruwan daga hanyoyin numfashi zuwa cikin naman huhu, inda jijiyoyi ke kwashe shi cikin sa'o'i. Kukan da ke biyo baya ma aiki yake yi, domin fitar da iska ta maƙogwaron da ya ɗan tsuke yana hana jakunkunan iska sake rufewa.

Buɗewar huhu da shigar oksijin suna sassauta ƙananan jijiyoyin nan da suka daɗe a tsuke. Turjiyar huhu ta faɗi warwas, jinin da ke ratsa shi ya ninka sau takwas zuwa goma. Duk wannan jini zauren hagu yake komawa, sai matsin hagu ya tashi. A daidai lokacin kuma an ɗaure cibiya, ko jijiyoyinta sun tsuke da kansu. Mabiyiya ta fita daga zagayen, turjiyar jiki ta ƙaru, jinin da ke dawowa zauren dama ya ragu, matsin dama ya sauka. Ƙyauren tagar zuciya, wanda dama ke turawa ya buɗe, yanzu hagu ke danna shi a jikin bango. Babu wata tsoka da ta ja shi. Bambancin matsi ne kaɗai ya rufe shi.

Jerin waɗannan abubuwa yana da muhimmanci a ɗakin haihuwa. Kafin numfashi, yawancin jinin da ke cika ɗakin hagu daga mabiyiya yake zuwa ta taga. Bayan numfashi, daga huhu yake zuwa. Idan aka ɗaure cibiya tun huhu bai buɗe ba, an yanke tushen farko alhali na biyu bai fara aiki ba, sai abin da zuciya ke turawa ya ragu na ɗan lokaci. Wannan na daga cikin dalilan da masana ke kawowa wajen goyon bayan jinkirta ɗaure cibiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira minti 1 zuwa 3 ga jaririn da ba ya buƙatar taimakon numfashi na gaggawa, kodayake babbar hujjarta ita ce ƙarin jini da sinadarin ƙarfe da jaririn ke samu.

Juyin ba ya kammala a kukan farko. Ƙoshin oksijin na jariri lafiyayye kusan kashi 60 zuwa 65 ne a minti na farko, 80 zuwa 85 a minti na biyar, sannan 85 zuwa 95 a minti na goma. Don haka ɗan duhun leɓe a mintocin farko ba ciwo ba ne.

Gadar jijiyoyi tana da tata hanyar rufewa, kuma ita ce mafi ban sha'awa cikin ukun. Da turjiyar huhu ta faɗi ƙasa da ta jiki, jinin da ke cikin gadar yakan juya, ya riƙa tafiya daga ayota zuwa huhu. Wannan jini mai yawan oksijin ne, kuma tsokar bangon gadar tana amsa oksijin da akasin abin da jijiyoyin huhu ke yi: su suna sakewa, ita tana ɗamewa. Ga kuma sinadarin furostagilandin, wanda ke riƙe gadar a buɗe a cikin ciki. Mabiyiya ce babbar mai samar da shi, huhu kuma mai rusa shi. Haihuwa ta cire mai samarwa, ta kuma kai dukkan jini ga mai rusawa. A jaririn da ya cika watanninsa, gadar takan tsuke cikin kwana ɗaya zuwa uku, amma ba ta zama zare marar rami sai bayan mako biyu zuwa uku. Ratsen hanta, da ya rasa jinin da ke bi ta cikinsa, yakan toshe cikin mako ɗaya ko biyu.

Daga nan ake gane abubuwa biyu da ke faruwa a asibiti. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna hana jiki samar da furostagilandin. Idan mai ciki ta riƙa shan su a watanni ukun ƙarshe, suna iya tsuke gadar tun ɗan tayi na ciki, ɗakin dama ya rasa inda zai sauke kayansa. Waɗannan magunguna kuwa ana sayen su a kemis ba tare da takardar likita ba. A ɗaya gefen, bakwaini sau da yawa gadarsa ba ta rufewa, domin tsokarta ba ta nuna ba, kuma tun 1976 ake amfani da indometasin, ɗan gidan waɗannan magunguna, wajen rufe ta.

Tagar zuciya kuwa, ƙyaurenta yakan manne da bango cikin watanni, amma ba a kowa ba. Wani bincike da aka wallafa a 1984 daga asibitin Mayo na Amurka, wanda ya duba zukata 965, ya tarar da kusan kashi 27 cikin ɗari ba su manne ba. Kenan mutum ɗaya cikin huɗu yana yawo da ƙyauren da matsi kawai ke riƙe da shi, mafi yawansu kuma ba za su taɓa sani ba.

4.0 Idan juyin ya koma baya

Tun da matsi da oksijin ne ke riƙe da sabon tsarin a kwanakin farko, duk abin da ya sake tsuke jijiyoyin huhu yana iya mayar da jariri tsarin ɗan tayi, wannan karon babu mabiyiya. Ana samun haka a kusan jarirai 2 cikin 1000. Ga misali domin bayani.

An haifi jariri a mako na 41, nauyinsa kilo 3.2, bayan doguwar naƙuda. Ruwan mahaifa ya fito kore, alamar ya yi kashin farko tun yana ciki, kuma ya shaƙi wani abu daga ciki. Ya yi kuka bayan an taimaka masa. Bayan sa'a shida yana numfashi sau 80 a minti, alhali abin da aka saba 40 zuwa 60 ne. Zafin jikinsa digiri 35.5, ƙasa da 36.5 da ake so. An ɗaura masa na'urar awon oksijin a hannun dama, ta nuna 93. An mayar da ita ƙafa, ta nuna 80.

Zuciya ɗaya ce, jini ɗaya ne, to daga ina bambancin 13 ya fito? Amsar tana wurin da gada ke haɗuwa da ayota. Kashin da ya shaƙa ya toshe wasu hanyoyin iska ya kuma kumbura huhu, oksijin ya yi ƙaranci, jini ya yi tsami, jijiyoyin huhu suka sake ɗamewa. Matsin jijiyar huhu ya haura na ayota, sai jinin da bai bi ta huhu ba ya koma ratsa gada kamar dā. Hannun dama yana shan jini daga reshen da ke gaban gada, don haka yana samun abin da ɗakin hagu ya turo. Ƙafa tana bayan gada, tana samun gauraye. Shi ya sa ba a dogara da hannun hagu a wannan awo, domin reshensa yana dab da bakin gadar.

Matsalar tana ciyar da kanta. Ƙarancin oksijin yana ƙara tsuke huhu, yana kuma hana gadar rufewa, ratsen ya ƙaru, oksijin ya ƙara raguwa. Irin wannan jariri, da an motsa shi ko ya yi kuka, sai a ga alƙaluman sun zube. Sanyi yana ƙara dagula lamarin, domin jariri mai jin sanyi yana ƙone oksijin da yawa wajen ɗumama jikinsa. Wannan na daga cikin abin da ke sa a ji nauyin shawarar jinkirta wankan jariri har sa'a 24, da ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata.

Magani yana bin dalilin ne. Ana ɗumama shi, a ba shi oksijin, a kula da sukarin jininsa da matsin jininsa, a rage taɓa shi, a sa masa na'urar numfashi idan ta kama. Inda ake da hali ana shaƙa masa iskar naitirik oksaid, wadda ke sassauta jijiyoyin huhu kaɗai ba tare da ta saukar da matsin jiki ba. Inda babu ita, likitoci kan yi amfani da sildenafil. Alamar nasara ita ce alƙaluman biyu su matso kusa da juna. Idan a rana ta uku hannu ya nuna 97, ƙafa 96, turjiyar huhu ta sauka, jinin gada ya daina bin tsohuwar hanya.

Awon yana da iyaka ta fuska biyu. Idan gadar ta riga ta tsuke, jini marar oksijin yana iya ratsawa ta tagar zuciya kaɗai. A nan gaurayawar ta faru tun kafin ayota, sai hannu da ƙafa su nuna ƙasa tare, babu bambanci, alhali ciwon yana nan. Iyaka ta biyu ta fi haɗari, domin akwai wani yanayi dabam da ke ba da irin alƙaluman misalin nan. Wasu jarirai ana haifar su da ayota mai matsewa sosai, ko mai yankewa, a kusa da bakin gada. A wurinsu jinin da ke zuwa ciki da ƙoda da ƙafafu ta gada yake bi. Ƙafa za ta nuna ƙasa da hannu, amma a nan gadar ce ke riƙe da ran jaririn.

Irin wannan jariri yakan yi kyau a ranar farko, ya sha nono, a sallame shi. A rana ta biyu zuwa ta bakwai, lokacin da gadar ta yi abin da aka halicce ta ta yi, sai ya ƙi nono, ya yi fari fat, numfashi ya yi sauri, fitsari ya ragu. Sau da yawa ana ɗaukar abin a matsayin cutar ƙwayoyin cuta a jini, domin kamanninsu ɗaya. Abin da ke raba su a gefen gado shi ne bugun jijiya a matsematsi: idan ana jin bugu sosai a hannun dama, a matsematsi kuma ya raunana ko ya ɓace, sai a zargi ayota. Hoton zuciya na sauti, wanda ake kira eko, shi ke yanke hukunci. Maganin gaggawa kuma akasin na bakwaini ne, wato a ɗura masa furostagilandin ta jijiya domin a sake buɗe gadar, kamar yadda ake yi tun tsakiyar shekarun 1970, har a kai ga tiyata.

Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka mayar da awon hannun dama da ƙafa gwajin da ake yi wa kowane jariri kafin sallama. A tsarin da aka fi sani, ana yin sa bayan sa'a 24, domin kafin nan gadar lafiyayyen jariri ma tana iya barin ɗan jini ya ratsa. Ƙoshin da ya gaza 90 a kowane ɓangare yana buƙatar bincike nan take. Wanda ya tsaya tsakanin 90 da 94, ko bambancin da ya wuce 3 tsakanin hannu da ƙafa, ana maimaita shi bayan sa'a guda, idan bai gyaru ba a nemi eko. Gwajin ba ya kama kowace matsewar ayota, don haka bai ɗauke wa mai duba jariri taɓa matsematsi ba. Inda kuma ake sallamar mai jego sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, ko aka haihu a gida, gadar takan rufe ne jariri yana ɗaki, nesa da na'ura, kuma ƙin nono da saurin numfashi a makon farko su ne kaɗai awon da uwa da ungozoma ke da shi.